Darasi na Tara: Yadda Ake Ba Mai Ɗaukar Aiki Lokacin Ganawa

Idan ka nemi aiki kuma takardunka suka yi wa mai ɗaukar ma'aikata, yakan rubuto ya tambaye ka wane lokaci kake da sarari ku tattauna. Mutane da yawa kan amsa da "kowane lokaci, ranka ya daɗe". Ladabi ne, amma an bar masa aikin zaɓe, kuma yana iya sa maka lokacin da kake wurin sana'arka. Abin da yake bukata shi ne ka ba shi lokuta uku a ranaku dabam-dabam, ka kuma faɗi agogon ƙasar da kake nufi.

A ce Malama Hadiza tana Kano, mai ɗaukar aikin kuwa yana Nairobi, a ƙasar Kenya. Agogon Kenya yana gaba da na Najeriya da awa 2. Idan ta rubuta "ƙarfe 10:00" kawai, shi yana iya kira da 10:00 tasa, wato 8:00 na safe a Kano, tana shirya yara makaranta. Shi kuma sai ya ɗauka ba ta da alkawari.

Ga amsar da ta dace:

"Ranka ya daɗe, na gode da saƙonka. Ina da sarari ranar Talata, 4 ga Maris, daga 9:00 zuwa 10:00 na safe; ko Laraba, 5 ga Maris, daga 11:00 na safe zuwa 12:00 na rana; ko Alhamis, 6 ga Maris, daga 2:30 zuwa 3:30 na rana. Duk agogon Najeriya ne, WAT. Idan babu wanda ya yi maka, ka faɗa mini wani."

Lura cewa ba ta ba da ƙarfe 4:00 na yamma ba, domin a Nairobi 6:00 ta yi, an tashi daga ofis. Kafin ka zaɓi lokaci, lissafa shi da agogon wancan mutumin. Ta kuma rubuta sunan wata cikakke, saboda a Amurka 4/3 na nufin 3 ga Afrilu.

WAT shi ne agogon Najeriya da Nijar, kuma ba ya canjawa duk shekara. Gana tana baya da awa 1. Na Birtaniya ne ke ruɗa mutane: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba daidai yake da namu, sauran watanni yana baya da awa 1.

Kada ka ba da lokacin sallar Juma'a, ko lokacin da ka san wayarka ba ta samun sabis. Da zarar ya zaɓi ɗaya, ka maimaita masa ranar da ƙarfen da agogon a saƙo guda.

Aikin yi: Mai ɗaukar aiki yana Akara, babban birnin Gana, kai kana Zinder. Rubuta masa lokuta uku, sannan ka nuna ƙarfe nawa ne kowanne a wurinsa.