Z ya ƙi motsi a simfileks? Ga inda ake yin kuskure

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yi fibot, ya ga z bai ƙaru ba, sai ya ce ai an kai ƙarshe, ko ya koma neman inda ya ɓata lissafi alhali komai daidai ne. Ga misali, muna son z ya kai iya girmansa, ba tare da wani bariyabul ya faɗa ƙasa da sifili ba:

```
z = 3x1 + 2x2
2x1 + x2 + s1 = 4
x1 - x2 + s2 = 2
```

x1 ne zai shiga, reshiyon layin farko 4/2 = 2, na biyu 2/1 = 2, an yi kunnen doki kenan. In ka fitar da s2, z ya zama 6, amma s1 ya rage cikin besis da ƙimar sifili. Wannan shi ne dijenarasi. Fibot na gaba x2 zai shiga, reshiyonsa sifili ne, z yana nan a 6, kana kan kusurwa ɗaya dai besis ne kawai ya canza. Nan mutane ke ajiye biro. To kar ka ajiye, domin layin ya koma z = 6 - (5/3)s1 + (1/3)s2, wato s2 zai iya ɗaga shi, yana shiga sai x1 = 0, x2 = 4, z = 8. Layin z ne ke cewa ka gama, ba tsayuwar lambar ba.

Wasu kuma tsallake reshiyon sifilin suke yi wai ba ya cikin lissafi. Yana ciki mana, muddin lambar da ka raba da ita ta haura sifili, in ka tsallake shi s1 zai faɗa ƙasa da sifili ka fita daga yankin da aka yarda.

Sai masu ganin sifili su ce an shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Ba lallai ba. Alamar zagaye ita ce besis ɗin da ka taɓa gani ya dawo, shi ya sa ka dinga rubuta su. Yana faruwa kam, Beale ya kawo misali a 1955 inda bayan fibot shida ake komawa teburin farko, in ana zaɓen mafi girman lamba a layin z.

Maganin shi ne dokar Bland ta 1977: ka jera bariyabul ɗinka, x1, x2, s1, s2, cikin masu iya ɗaga z na farko a jeri shi zai shiga, in an yi kunnen doki a reshiyo na farkonsu a jeri shi zai fita. Mutane rabi suke yi, su bi ta wajen shiga su manta da wajen fita, ko su duba lambar layi maimakon matsayin bariyabul ɗin, to tabbacin ya rushe. A misalinmu s1 ne zai fita, fibot ɗaya bayansa z ya kai 8, amma sa'a ce, dokar ba ta yi alkawarin sauri ba, sau da yawa ma jan ƙafa take. Shi ya sa ya fi ka kunna ta in z ya tsaya, kana kanta har ya motsa.