Adashe don jarin ƙuli-ƙuli: kurakuran da aka fi yi

Wani kuskure da ke cinye jarin mata a Tawa shi ne ɗaukar kwasar farko kamar kyauta, alhali bashi ce. A ce ku goma ne, kowace tana zuba jika 2 a mako, kwasa jika 20 ke nan. Wadda ta kwasa a makon farko akwai sauran zubi 9 a kanta, wato jika 18, kuma ba a ɗaga mata ko da ciniki bai yi ba.

To, ta sayi gyaɗa, ta biya kuɗin niƙa da itace, ta fara fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Idan ribar mako jika 1 da rabi ce, a ina za ta samo cikon dala 100? A cikin uwar kuɗi. Kafin adashe ya zagayo jika 4 da rabi sun fita daga jari, ita kuwa tana ganin ciniki na tafiya. Alamar a tiya take: wadda ke auno tiya 10 ta koma 8, farashi kuma bai tashi ba, zubi ne ke cin jarinta. Gyaran shi ne ki san ribarki ta mako kafin ki shiga, bayan kin cire niƙa, itace da kuɗin mota. A ganina kada zubi ya wuce rabinta. Idan ya wuce, ki haɗa hannu ɗaya da wata ku raba zubi da kwasa, ko ki nemi ƙaramin adashe.

Sai lokacin kwasa, wanda da yawa suke bar wa ƙuri'a. Gyaɗa tana araha da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, tana tsada idan damina ta kusa. Jika 20 na kaka sun fi na bazara auki. Tun ranar da ake tsara layi ki ce: “Uwar adashe, a sa ni lokacin sabuwar gyaɗa,” ko ki yi musaya da wadda ke son kuɗinta daga baya. Ki kuma guji kwasar da ta faɗo gab da Sallah, domin ɗinkin yara da cefane za su riga sana'a. Ki yi cinikin gyaɗar tun kafin ranar kwasa, kuɗin su tashi daga hannun uwar adashe zuwa na mai gyaɗa ba su kwana a ɗaki ba.

Wani abin da ke ɓata min rai shi ne sabuwar shiga da ake ba kwasar farko don kunya, ta daina zubi, na ƙarshe su karɓi kuɗi ba cikakku ba. Sabuwa ta zo a ƙarshen layi, ko wadda ta kawo ta ta tsaya mata. A rubuta kowane zubi a littafi, a ƙirga kwasa a gaban kowa, kuma idan uwar adashe tana da lada, a faɗi adadinsa tun ranar farko.