Ka rufe waya da dare, amma kiran gida ya shigo: kurakuran da aka fi yi

Mahaifiyata tana ƙauye, ƙanena ne ke tare da ita. Duk kiran da zai fito daga wurinsa bayan sha biyun dare ba na hira ba ne, don haka ba na son ya wuce ni. Amma kuma saƙonnin gurup-gurup da kiran waɗanda ba su san dare ya yi ba suna hana ni barci. Maganin wannan shi ne tsarin da waya ke kira Do Not Disturb, wanda ke toshe ƙara a lokacin da ka tsara, ya bar wa mutanen da ka zaɓa ƙofa. Na saita shi daga ƙarfe 10:30 na dare zuwa 5:00 na asuba, na ɗauka na gama. Wata safiya na tashi na tarar ƙanena ya kira ƙarfe ɗaya da rabi, wayar ba ta yi ko tari ba. Allah ya taimaka abin ya zo da sauƙi, amma ranar na zauna na bi saitin ɗaya bayan ɗaya.

Kuskurena na farko shi ne na manta waya lamba take ganewa, ba mutum ba. A Android, idan ka shiga Do Not Disturb, ka shiga People, sannan Calls, za ka ga zaɓin Starred contacts, wato waɗanda ka sa wa tauraro a cikin lambobinka. A Samsung da iPhone ana kiran su Favorites. Na sa wa sunan ƙanena tauraro, amma layi biyu gare shi, na biyun kuma na ajiye shi daban da wani suna. A daren nan babu kati a layin farko, sai ya kira da ɗayan, wanda ba shi da tauraro. Gyaran shi ne ka buɗe sunan mutumin, ka zuba duk lambobinsa a ƙarƙashin suna ɗaya, ka goge maimaicin, sannan ka sa tauraron. Akwai wani tarko kusa da wannan: lambar da aka ajiye a kan sim, wayoyi da yawa ba sa bari a sa mata tauraro. Idan ka nemi tauraron ka rasa, kwafe lambar zuwa cikin waya ko asusunka na Google tukuna.

Na biyu ya fi kama mutane, domin yana kama da ƙarin kariya. Mutum ya kunna Do Not Disturb, sannan ya sake mayar da wayar shiru ko ya bar ta a kan girgiza. Abubuwa biyu ne daban. Do Not Disturb yana yanke wanda zai shigo, ƙarfin ƙarar kira kuma yana yanke ko za ka ji shi. Idan ka kashe ƙarar, kiran wanda ka zaɓa zai shigo, allo ya yi haske, amma babu sautin da zai tashe ka. Don haka ka bar ƙarar kira a sama kamar da rana. Masu iPhone su duba maɓallin shiru da ke gefen waya. Suna da wata hanya ma da ta fi ƙarfi: buɗe sunan mutumin, danna Edit, shiga Ringtone, kunna Emergency Bypass. Wannan yana sa kiransa ya yi ƙara ko wayar tana shiru. Ni a ganina mutum ɗaya ko biyu kawai suka cancanci wannan, domin zai yi ƙara har a sahun salla.

Sai maganar jadawalin kansa, inda na ga har masu gyaran waya suna ruɗewa. Jadawalin dare yana tsallaka sha biyu, kuma ranakun da ka zaɓa ranakun farawa ne. Idan ka zaɓi Litinin zuwa Juma'a don ka yi barci kafin ranakun aiki, daren Lahadi wayewar Litinin bai shiga ba, daren Juma'a wayewar Asabar kuma ya shiga. Abin da kake nufi shi ne Lahadi zuwa Alhamis. Ka kuma duba AM da PM, ko ka mayar da agogon wayar tsarin awa 24 inda 10:30 na dare ke fitowa 22:30. A wayoyin Android da dama akwai Alarm can override end time. Idan yana kunne, ƙararrawar da ka saita don asuba, misali 4:40, tana kawo ƙarshen jadawalin da zarar ta buga, ba sai biyar ta yi ba. Wani haka yake so, wanda kuma zai koma barci bayan salla gara ya kashe shi.

Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne kowane jadawali yana iya riƙe nasa jerin mutanen. A iPhone, tun da aka kawo Focus a iOS 15 a shekarar 2021, Sleep da Do Not Disturb kowanne da nasa People. Sai mutum ya zuba iyalansa a ɗaya, alhali ɗayan ne ke kunnuwa da dare. A Android ma jadawali yana iya bin saitin gaba ɗaya ko ya bi nasa na musamman. Ka buɗe ainihin jadawalin da ke aiki da dare, ka duba wa aka bari ya kira a cikinsa. Sunayen wuraren sukan ɗan bambanta a Tecno da Infinix da itel, don haka mafi sauƙi ka rubuta Do Not Disturb a wurin bincike na Settings.

Kiran WhatsApp kuwa ta hanyar manhaja yake shigowa, ba ta layi ba, saboda haka kada ka ɗauka tauraron nan ya isa. Gwada shi daban. Idan bai yi ƙara ba, shiga Apps a cikin Do Not Disturb ka ba WhatsApp izini, kuma inda waya ta yarda ka zaɓi sanarwar kira kaɗai, in ba haka ba saƙonnin gurup za su dawo maka. Idan kuwa kana kashe data kafin ka kwanta, babu saitin da zai kawo maka wannan kiran. Na gaya wa 'yan gidanmu cewa da dare kiran layi za su yi mini.

Akwai kuma kiran da ba zai taɓa kasancewa a jerinka ba. Ranar da abu ya faru, wayar ƙanenka tana iya zama babu caji, ya ari ta maƙwabci, ko wani ya kira daga asibiti. Don wannan aka yi Allow repeat callers a Android, wanda ke barin kira na biyu daga lamba ɗaya ya yi ƙara idan ya zo cikin minti 15. A iPhone sunansa Allow Repeated Calls, tazarar kuma minti 3 ce kawai. Kunna shi bai wadatar ba sai mutanenka sun sani. Na ce wa ƙanena, ko da wayar wa ya kira, in ban ɗauka ba ya sake kira nan take da wannan lambar, kada ya canza zuwa wata.

Bayan na gyara duka, ban jira dare ba. Da la'asar na matso da lokacin farawa ya zama minti biyu masu zuwa, na jira alamar ta fito a saman allo, na kulle wayar na ajiye. Ƙanena ya kira da layin farko, ta yi ƙara, ya kira da na biyu, ta yi ƙara. Na sa wani abokin aiki da ba ya cikin jerin ya kira: na farko shiru, na biyu ya shigo. Sannan na mayar da lokacin 22:30. Wannan gwajin nake maimaitawa duk sanda na canza waya ko wani daga cikinsu ya canza layi.