Yadda ake tsara bangon faifan rok da ido ba ya mantawa

Kafin 1940 ana sayar da faifan garmaho ne a cikin takarda mara ado, sai Alex Steinweiss na kamfanin Columbia a Amurka ya fara sa zane a kai. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifai mai inci 12, wanda kwalinsa ke da faɗin kusan santimita 31 da rabi ta kowane gefe. Wannan fili ne 'yan rok suka samu. Da farko kamfanoni ke cike shi da hoton mawaƙi yana murmushi da sunansa ɓaro-ɓaro. A 1967 ƙungiyar Beatles ta Ingila suka karɓe ragamar, suka sa Peter Blake da Jann Haworth suka haɗa musu taron fuskoki na bangon faifansu Sgt. Pepper, aka kashe kusan fam 3,000 a lokacin da bango bai cika wuce fam 50 ba. Daga nan bango ya zama maganar ƙungiya, ba tallar kamfani kawai ba. Ga yadda ake yin aikin, da misalin faifan The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd, wanda ya fito a 1973.

Mataki na farko shi ne a saurari faifan daga farko har ƙarshe, a zauna da masu shi, a fito da buƙata guda ɗaya tak. Storm Thorgerson da Aubrey Powell, masu kamfanin zane na Hipgnosis a Landan, sun saba yi wa ƙungiyar bango da hotuna masu ruɗarwa. A wannan karon Richard Wright, mai kaɗa kibod, ya ce a ba su abu mai sauƙi, mai tsafta, mai ƙarfi. Wannan buƙatar ce ta zama ma'auni. Idan mai zane bai iya faɗin abin da ake so a numfashi ɗaya ba, to zai cika bangon da tarkace, domin kowane ɗan ƙungiya zai cusa nasa.

Na biyu, a kawo zane-zane da yawa waɗanda suka sha bamban da juna, ba abu ɗaya da aka sauya wa launi ba. Hipgnosis sun kawo bakwai. Ƙungiyar ta duba, nan take ta nuna zanen wani gilashi mai kusurwa uku da ke raba haske zuwa launuka.

Mataki na uku ne ya fi cin lokaci, wato ragewa. Ku duba abin da ya rage a bangon bayan mai zane George Hardie ya zana shi: baƙin fili, alwatika a tsakiya, siririn farin haske yana shiga daga hagu, launukan bakan gizo suna fita ta dama. Abu uku ke nan a kan baƙi. Launukan ma shida ne ba bakwai ba, an cire launin baba, saboda haka kowane layi ya tsaya da ƙafarsa bai narke cikin maƙwabcinsa ba. Babu hoton mawaƙa, babu sunan ƙungiya ko na faifai a cikin zanen. Amma fa sauƙin ba na banza ba ne, domin Pink Floyd sun yi suna wajen wasa da fitilu a dandali, haske kuwa shi ne abin da masoyansu suka riga suka san su da shi. Alama mai sauƙi da ba ta da alaƙa da kiɗan, tambarin kamfani ce kawai.

Akwai gwaji biyu da ake yi a nan. A nuna wa mutum zanen na daƙiƙa biyar, a ɓoye, a ba shi biro ya zana abin da ya gani. Idan ya iya da layi huɗu ko biyar, an dace. Sannan a rage hoton zuwa faɗin santimita biyu, kamar yadda zai fito a allon waya. Alwatikan yana tsallake duka biyun. Taron fuskokin Sgt. Pepper ba ya tsallake na biyu, domin an yi shi ne don wanda zai riƙe kwali a hannu ya yi ta ƙirga mutane. Yana da kyau, amma a yau kwaikwayonsa kasada ce.

Batun cire suna kuwa, kada sabuwar ƙungiya ta ruɗu. Beatles sun fitar da Abbey Road a 1969 ba suna a gaba, sai hotonsu su huɗu suna tsallaka titi, domin duniya ta san fuskokinsu. Wanda ba a san shi ba ya sa sunansa, kuma ya sa shi a kashi ɗaya cikin uku na sama. A kanti ana jera faifai ne a tsaye cikin akwati, mai saye yana bi da yatsa, saman kawai yake gani.

Na huɗu, a tsara kwalin gaba ɗaya, gaba da baya da ciki da ƙashin baya. Na Pink Floyd mai buɗewa ne kamar littafi. Launukan da suka fita ta dama sun ci gaba a ciki, inda koren layin ya rikiɗe ya zama zanen bugun zuciya, irin sautin da faifan ya buɗe da shi. A baya kuma wani alwatika ya sake tattara launukan su koma fari, har idan aka jera kwalaye da yawa a tagar kanti hasken zai yi ta tafiya ba yankewa. A ciki an saka fasta biyu da sitika, abin da ya kai alamar bangon ɗakunan samari.

Na biyar shi ne shirya wa maɗaba'a, inda zane mai kyau yake yawan lalacewa. A karɓi ma'aunin kwali daga wurin masu buga faifan kafin a fara, don kowa da nasa. Hoton ya kasance a 300 dpi, ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan fiksel 3,800 kowane gefe. A bar rarar milimita 3 a kewaye saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai, rubutu kuma a janye shi ciki da kamar milimita 5. A mayar da launi daga RGB na allo zuwa CMYK na tawadar bugu huɗu tun da wuri, domin kore da shuɗi masu ƙyalli a allo suna dusashewa a tawada. Baƙin fili yana da nasa tarko. Baƙar tawada ita kaɗai tana fitowa toka-toka, don haka ake haɗa ta da sauran, misali C60 M40 Y40 K100, wato kason kowace tawada cikin ɗari. Siririn farin rubutu a kan irin wannan baƙi yakan yi inuwa idan farantan bugu huɗun suka ɗan goce, sai a ƙara masa kauri. Baƙin kwali kuma yana nuna sawun yatsa da zoben da faifan ke fitarwa idan ya daɗe a matse, shi ya sa ake lulluɓe shi da siririyar leda. Kafin a buga dubu, a nemi gwaji ɗaya a kan ainihin kwalin, a duba shi a hasken rana.

Mai son ƙara wani abin mamaki a jikin kwali ya fara tunanin jigila. Andy Warhol ya tsara wa Rolling Stones bangon Sticky Fingers a 1971 da hoton wandon jins mai zik na gaske. Da aka tara faifan a kwalaye, nauyi ya danna ƙarfen zik ɗin a kan layukan waƙa yana ɓata su. Maganin da aka samu shi ne a riƙa zuge zik ɗin ƙasa kafin a loda, yadda kansa zai sauka a tsakiyar faifan inda takardar suna take, ba inda allura ke bi ba. Saboda haka duk wani ƙarfe, huda ko manne da za a ƙara, a haɗa samfuri kamar ashirin, a ɗora su kan juna na mako guda, sannan a ciro na ƙasa a kunna a ji.