Kafin ka buɗe manyan littattafan ƙididdiga

Mai bincike da aljabra kaɗai ya sani kada ya fara da Statistical Inference na Casella da Berger. Littafin ya ɗauka mai karatu ya ƙware a kalkulas, shi ya sa da yawa ke sarewa tun babi na biyu.

Fara da Statistics na Freedman, Pisani da Purves. Kalkulas ba ya ciki, tunani yake koyarwa: yadda ake tsara gwaji, ɗaukar samfur, da abin da sa'a kaɗai ke iya haifarwa. Ka ba shi kamar wata uku, kuma ka warware atisayen da hannunka. Karatu ba atisaye yaudara ce, domin komai zai yi kamar ka gane.

Ga yadda za ka gwada kanka. An auna mutum 36, bazuwar ma'auninsu `SD = 12`. Kuskuren matsakaici, wato gwargwadon yadda matsakaicin ma'auninsu kan kauce wa na ainihi, shi ne `12/√36 = 2`. Mutum nawa ake buƙata kuskuren ya ragu da rabi? Idan ka ce 72, koma baya. Amsar 144 ce, saboda kuskuren na raguwa ne da `√n`, inda `n` ke nufin yawan mutanen da aka auna, don haka sai an ninka samfur sau huɗu.

Daga nan sai Regression and Other Stories na Gelman, Hill da Vehtari, na 2020, kana gwada misalan a manhajar ƙididdiga ta R da bayanan bincikenka. A gefe guda ka riƙa koyon kalkulas. Ranar da ka iya nuna `∫₀¹ x·2x dx = 2/3` ba tare da leƙe ba, shiga Introduction to Probability na Blitzstein da Hwang. Bayan ka gama shi ne za ka iya da Casella da Berger.