Yadda zaka yi bayanin shekarun da ka zauna ba aiki a wasiƙar neman aiki, in ciwo ko hidimar iyali ne dalili

Mai ɗaukar ma'aikata in ya buɗe takardunka ya ga ka bar aiki a 2021 kuma babu komai sai 2023, abu biyu ne suke zuwa masa a rai, na farko ko korarka aka yi, na biyu ko abun da ya zaunar da kai zai sake zaunar da kai bayan sun ɗauke ka. Shikenan damuwarsa. Ba sunan cutar yake nema ba, ba kuma labarin yadda kuka kwana a asibiti ba. Toh bayaninka ma iyakarsa kenan, jimla biyu ko uku da zasu amsa waɗannan tambayoyin, sai ka koma kan maganar aikin.

Kafin ka rubuta komai, fara duba ko giɓin ma ya isa a yi maganarsa. In wata uku ne ko huɗu ka rabu da shi kawai, mutane na ɗaukar fiye da haka suna neman aiki kuma ba wanda yake tambayarsu. Daga wata shida abun ya fara fitowa, in ya kai shekara ko ya wuce toh gara ka faɗa da bakinka, dan in ka yi shiru mai karantawa zai cike gurbin da hasashensa kuma hasashen mutane ba kasafai yake faɗawa kan alheri ba.

Mataki na biyu, ɗauko CV ɗinka ka daidaita kwanan wata. Watan da ka bar aiki da shekarar, su zama iri ɗaya a CV da wasiƙa da kuma shafinka na LinkedIn in kana da shi (tun 2022 suka saka wajen da ake rubuta irin wannan hutun, sunansa Career break). Kar ka ja ranar barin aiki gaba dan giɓin ya ragu. Wannan shi ne abun da ya fi saurin tonuwa, waya ɗaya zasu buga tsohon ofis ɗinka su tambayi yaushe ka tafi, kuma daga nan ba maganar giɓi ake ba, maganar ƙarya ake.

Yanzu rubutun kansa. Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata ce mai aikin akanta, ta yi shekara shida a wani kamfani tana haɗa albashi da lissafin ƙarshen wata, sai mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki ta ajiye aiki a watan Afrilu 2021 ta zauna jinya, sai tsakiyar 2023 aka samu mai kula da shi ta fara neman komawa. Ga abun da yawancin mutane suke fara rubutawa:

"Ina neman afuwa game da tsawon lokacin da na yi ba aiki. Mahaifina ne ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, kuma da yake 'yan uwana duk suna nesa ba yadda na iya dole na bar aiki, mun sha wahala sosai. Na san na jima ban taɓa aiki ba amma ina roƙon ku taimaka ku ba ni dama."

Duk gaskiya ce ta faɗa, amma ki duba me takardar ta yi mata. Ta ba da haƙuri kan abun da ba laifi ba. Ta shigo da 'yan uwa waɗanda ba ruwan kamfani da su. Ita da kanta ta tuna musu cewa hannunta ya yi sanyi a aiki, sannan ta rufe da roƙo, kaga kenan ta tashi daga mai ƙwarewa ta koma mai neman taimako. Mafi muni ma, ba ta faɗi abun da suke jiran ji ba, wato ko matsalar ta wuce.

Gyaran shi ne a ɗora bayanin kan abu uku a jere, lokacin, dalilin a dunƙule, sai halin da ake ciki yanzu:

"Daga Afrilu 2021 zuwa Yuni 2023 na dakatar da aiki domin kula da mahaifina da ba shi da lafiya. Yanzu an tsara kulawarsa ta dindindin, kuma a shirye nake in koma aiki na cikakken lokaci."

Jimla biyu. Ki lura da "na dakatar da aiki", wannan yana nuna shawara ce kika yanke da kanki, saɓanin "dole ta sa na bari" ko "na rasa aikina". Ki kuma lura babu "abin takaici", babu "sai dai kash", babu "ina fatan wannan ba zai zama matsala ba". Wannan ta ƙarshen ma ita ce ta fi ban haushi, dan kai ne ka fara kiran abun matsala kafin su su kira shi haka.

Jimla ta uku zaɓi ce, kuma sai in akwai abun faɗa na gaske. In ta yi wani kwas a lokacin ko ta riƙe wa wata ƙaramar sana'a littafin lissafi, sai ta ƙara:

"A wannan lokacin na ci gaba da riƙe lissafin wata ƙaramar sana'a duk ƙarshen wata, na kuma kammala kwas ɗin Excel a farkon 2023."

In kuwa ba ta yi komai ba sai jinyar, toh kar ta ƙirƙiro. Wanda ya yi jinyar mai shanyewar jiki ya san ba a samun lokacin kwas. Akwai masu ba da shawarar wai ka rubuta jinya ta koya maka sarrafa lokaci da shugabanci da haƙuri, ni dai ban ga amfaninsa ba, duk mai karanta takardu ya ga irin wannan ya gaji kuma yana jin ƙamshin ƙawa a ciki. Gara a bar jimlar ta uku gaba ɗaya, ko a yi wani gajeren kwas yanzu kafin a tura takardar sai a rubuta shi da watan da aka gama.

Sai wajen da za a saka shi. Ba a sakin layi na farko ba. Farko ki faɗi aikin da kike nema da shekarun ƙwarewarki, na biyu ki kawo abun da kika yi a hannu, misali albashin ma'aikata nawa kike haɗawa a wata da manhajar da kike amfani da ita, sai bayanin giɓin ya zo a sakin layi na uku, kuma ko a nan kar ki bar shi ya zama maganar ƙarshe. Da kin gama jimlolin nan sai ki ɗora kai tsaye: "Aikin da kuka tallata yana buƙatar mai haɗa rahoton ƙarshen wata, kuma shi na shekara shida ina yi." Dalili kuwa, abun da mutum ya karanta a farko da ƙarshe shi ya fi zama masa a kai, so kike ya ajiye takardar yana tuna ke akanta ce, ba mai jinya ba.

In kai ne ka yi ciwon, tsarin bai canja ba amma sai ka ƙara kame baki. Kar ka faɗi sunan cutar, ko tiyata ce ko ciwon damuwa ko ma mene ne. "Dalilin lafiya" ya isa:

"Na yi hutun wata goma sha huɗu saboda dalilin lafiya. Na samu sauƙi, kuma ina iya aiki na cikakken lokaci."

Ba ɓoye-ɓoye ba ne wannan, haƙƙinka ne. A wasu ƙasashen ma doka ta taƙaita tambayar mai neman aiki game da lafiyarsa kafin a yi masa tayin aikin, kamar dokar daidaito ta 2010 a Birtaniya da dokar masu buƙata ta musamman ta 1990 a Amurka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka duba ta inda kake nema. Amma ko ina ne, takarda takan wuce hannu da yawa a ofis, kuma abun da ka rubuta ba ya gogewa.

Inda ake yawan zamewa shi ne in ciwon mai tafiya da mutum ne, ana shan magani ana zuwa ganin likita lokaci lokaci. A nan kar ka rubuta "na warke sarai", dan ranar da ka nemi izinin zuwa asibiti za a ɗauko takardar nan. Ka rubuta abun da yake gaskiya: "Yanzu lafiyata ta daidaita kuma ina iya ɗaukar nauyin wannan aiki." Maganar kana buƙatar rabin yini duk wata ko sassaucin lokacin shigowa, wannan ka bari sai an zo tattaunawa, ya fi kyau ma bayan sun nuna kai suke so. Banda fa in aikin da kansa yana da sharaɗin lafiya, kamar tuƙi ko aiki da manyan injina, a nan za a yi gwaji kuma tambayar da aka yi maka a fom sai ka amsa ta da gaskiya. Haka in jinyar ko rainon yara bai ƙare ba, kuma rabin lokaci kawai zaka iya, toh nemi aikin rabin lokaci ka faɗi haka, kar ka rubuta cikakken lokaci ka zo wata biyu kana neman uzuri.

Masu raino ma haka ne, "Na ɗauki shekara uku ina kula da yarana, yanzu na shirya komawa aiki." Ba sai an faɗi yara nawa ba ko shekarunsu ko wa zai riƙe su.

Kafin ka tura, karanta sakin layin da ƙarfi ka ji. In ya wuce layi uku ko huɗu a takarda ya yi yawa, rage. In akwai "afuwa" ko "haƙuri" ko "roƙo" a ciki, goge. Sannan ka rufe jimlolin giɓin da yatsa ka karanta sauran wasiƙar, in ta tsaya da ƙafarta ba tare da su ba toh daidai ne, in kuma ka ga ba abun da ya rage sai gaisuwa da sa hannu, matsalar ba giɓin ba ce, ɓangaren ƙwarewar ne yake buƙatar aiki.

Ka kuma haddace jimlolin nan dan a intabiyu za a iya sake tambaya, kuma amsarka ta baki ta zo daidai da ta takarda, watan ɗaya dalilin ɗaya. In mai tambaya ya matsa yana so ya ji wane irin ciwo ne, sai ka ce "Lamari ne na lafiya kuma an shawo kansa, ba zai shafi aikin ba", ka yi shiru ka jira tambaya ta gaba.