Shawara ga mai zaɓen wurin horon aiki a Kaduna

Kafin ku amsa tayin SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, ku tambayi sunan wanda zai riƙa duba aikinku kullum, sannan ku je ku gan shi. Wurin da aka kasa faɗa muku sunansa, galibi za ku ƙare da ɗaukar fayil da aiken sayo abinci, littafin rahotonku kuwa babu abin rubutawa.

Ƙanwata da ke zaune a Kawo ta samu wuri biyu, babban kamfani a Kakuri mai ba da alawus, da ƙaramin ofishi kusa da gida. Da muka lissafa kuɗin mota na wata shida, sai muka ga ya cinye alawus ɗin, ta zaɓi ofishin, inda injiniyan yake zaunar da ita gefensa.

Amma idan injinan da kuke son koyo suna babban kamfanin kaɗai, ku daure wa nisan.